Madara Tana Ɓata Mini Ciki: Tambayoyi da Amsoshi

Ina yaro ina shan madara lafiya, amma yanzu da na girma sai ta kumbura mini ciki. Me ya sa?

A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma jiki ba ya iya amfani da shi sai wani sinadari mai suna laktes, wanda ƙaramin hanji ke samarwa, ya raba shi gida biyu. Jarirai suna da wannan sinadari a yalwace, amma bayan yaye yakan riƙa raguwa a jikin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, irin su Fulani, da yawansu sukan riƙe shi har tsufa. Idan ya yi ƙaranci, sukarin yakan wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriyar da ke can su cinye sukarin su fitar da iska. Daga nan ne kumburin ciki, ƙugi, murɗa, yawan tusa da zawo suke fitowa, yawanci tsakanin minti 30 zuwa awa 2 bayan an sha.

Ta yaya zan tabbatar madarar ce, ba wani abu ba?

Hanya mafi sauƙi ita ce a daina ta gaba ɗaya na tsawon mako 2, sannan a dawo da ita da gangan. Mu ɗauki misalin magidancin da yake karyawa da shayi mai babban cokali 3 na madarar gari, wanda ya ƙunshi laktos kimanin giram 9, kuma kullum kafin hantsi cikinsa ya ɗauki ƙugi. A makonnin gwajin zai sha shayinsa ba madara, ya bar fura da nono, yogot, askirim da cakulan, ya kuma duba jikin fakitin biskit da burodi, domin sau da yawa ana zuba musu madarar gari. Sauran abincinsa kuwa kada ya canza komai, ya ci gaba da tuwonsa da wakensa kamar yadda ya saba, saboda idan ya bar abubuwa da yawa lokaci guda ba zai san wanne ne ya kawo sauƙin ba.

Idan cikin ya lafa, rabin aikin kawai aka yi, kuma a nan ne mutane da dama suke tsayawa su yanke wa kansu hukunci. A rana ta 15 sai ya sha kofi ɗaya na madara, mililita 250, wanda ke ɗauke da laktos kimanin giram 12, ya rubuta abin da ya ji. Idan alamun sun dawo cikin awanni kaɗan, zargin ya yi ƙarfi sosai. Idan kuwa ya bar madara mako 2 cikin bai sauya ba, to a nemi dalili a wani wuri. A wasu asibitoci akwai gwajin numfashi da ke auna iskar haidirojin bayan an sha laktos.

To shi ke nan na rabu da madara har abada?

A'a, kuma ba na ba da shawarar haka. Mafi yawan masu wannan matsala suna iya ɗaukar kusan kofi ɗaya ba tare da wahala mai tsanani ba, musamman idan an haɗa da abinci maimakon a sha da yunwa. Magidancin nan zai iya farawa da cokali 1 tare da burodi da ƙwai, ya ƙara bayan kwana 3, har ya gano iyakarsa. Wanda kuma matsalar ta same shi bayan zawo mai tsanani, tana iya wucewa cikin makonni idan hanjin ya warke.

Me zan sha a madadinta?

Kindirmo da nonon da ya kwana ya yi tsami sun fi sauƙi, domin ƙwayoyin da suka tsamar da su sun cinye wani ɓangare na sukarin, kuma man shanu kusan babu laktos a cikinsa. Madarar akuya da ta raƙumi kuwa suna da shi, haka ma madarar gwangwani ta ruwa, wadda laktos ɗinta ya ninka na ɗanyar madara kusan sau biyu. Madarar waken soya da kunun aya ba su da shi ko kaɗan, sai dai kunun aya ba ya maye gurbin kalsiyam ɗin madara, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda baligi ke buƙatar kimanin miligiram 1,000 a rana. Don haka a yawaita zogale, riɗi, miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu.

Yaushe ya kamata in ga likita?

Idan akwai jini a bayan gida, rama ba dalili, zazzaɓi, ko zawon da ke tayar da mutum cikin dare, kada a tsaya gwajin gida, domin laktos ba ya haddasa waɗannan. Haka nan idan madara tana kawo ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wannan jiki ne yake faɗa da furotin ɗin madara, abu ne dabam mai haɗari, kuma mai irin wannan kada ya sake shan ta da sunan gwaji sai a gaban likita.