Waiwaye: Yadda Aka Zo ga Datar Wata, ta Mako da ta Kwana, da Wadda Ta Dace da Mai Buƙata Marar Tabbas

Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, bayan kamfanonin MTN da Econet sun biya dala miliyan 285 kowannensu domin samun lasisi, kira da saƙon tes ne kaɗai abin da ake sayarwa, kuma babu wanda yake maganar data. Abin da ya dami masu waya a wancan zamani shi ne tsadar layi da lissafin kira da minti, har zuwa shekarar 2003 da Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi sahu ba don ransu yana so ba. Mai buƙatar intanet a Gombe ko Bauchi sai dai ya nufi shagon kafe, ya biya kuɗin awa guda, ya zauna yana jiran shafi ya buɗe.

Sayar da intanet a kan waya ya fara kankama ne bayan da aka ba da lasisin 3G a 2007, ya kuma ƙara ƙarfi lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, abin da ya rage wa kamfanoni tsadar jawo intanet daga ƙasashen waje. A shekarun nan ne wayar BlackBerry ta yi tashe, kuma da ita ne mutane da yawa suka saba da biyan kuɗin intanet wata-wata. Tsarin wata ya dace da wanda aka yi shi dominsa, wato ma'aikacin gwamnati ko na banki wanda albashi yake shigo masa sau ɗaya a ƙarshen wata. Da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa, sai masu amfani da intanet suka zama ɗalibai da 'yan kasuwa da 'yan acaɓa da matan aure masu sana'a a cikin gida, waɗanda kuɗi yake zuwa musu kullum kaɗan-kaɗan. Kamfanoni suka lura cewa wanda ba zai iya fitar da kuɗin wata a dunƙule ba zai iya fitar da ɗari ko ɗari biyu a kullum, sai suka yanyanka datar zuwa ta mako da ta kwana, daga baya aka ƙara da ta dare da wadda ta taƙaita ga manhajojin sada zumunta kawai. Abin ya yi kama da yadda ake sayar da shinkafa a buhu, a kwano da a gwangwani, sai dai ita shinkafa ba ta ɓacewa daga tukunya don rana ta faɗi.

Wannan ɓacewar ita ce ta daɗe tana haddasa ƙorafi, domin kowace data tana da iyaka biyu, ta yawa da ta lokaci, kuma duk wadda ta riga cika ita ce take kawo ƙarshen cinikin. Shekaru da dama, idan wa'adi ya cika, ragowar datar takan tafi ko da rabinta ne ba a taɓa ba, sannan wasu kamfanoni sukan sabunta wa mutum tsarinsa su cire kuɗi daga katinsa ba tare da ya nema ba. A shekarar 2018 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni da su riƙa mayar wa mai layi ragowar datarsa idan ya sabunta tsarin cikin wani ɗan lokaci da aka ware, ta kuma hana sabunta wa mutum ba da yardarsa ba. A 2023 aka haɗe lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya, ta yadda a kowane layi `*312#` yake buɗe jerin datar da ake sayarwa, `*323#` kuma yake nuna abin da ya rage. Sai kuma a watan Janairun 2025 hukumar ta amince da ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma tun daga nan ne zaɓen tsarin da bai dace ba ya fara yi wa aljihu ciwo sosai.

Bambancin tsarukan uku ya wuce tsawon kwanaki. Datar wata kwana 30 ne wa'adinta, ba watan kalanda ba, saboda haka wanda ya saya ranar da albashi ya shigo zai ga ranar ƙarewarta tana ja baya a hankali. Datar mako kwana bakwai ce, kuma a nan kamfanoni suka fi zuba giga mai yawa a farashi mai jan hankali, saboda sun san ba kowa ne zai cinye ta ba kafin mako ya zagayo. Datar kwana galibi awa 24 ce daga lokacin saye, kuma ƙananan nau'o'inta, irin na mega ɗari, su ne mafi tsada idan aka auna da giga, ko da yake su ne suka fi sauƙin fita daga hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba farashi da adadin gigar da aka rubuta a talla, alhali kuwa lissafin da yake da amfani shi ne a raba farashi da gigar da mutum ya yi aiki da ita kafin wa'adi ya cika.

A ɗauki misalin dillalin hatsi a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe. A yawancin ranaku buƙatarsa ba ta wuce saƙon murya a WhatsApp, duba farashin masara da wake, da tabbatar da shigowar kuɗi ta manhajar banki, wanda duka ba zai wuce mega 60 a yini ba. Amma ranar da mota ta sauke kaya, ko ranar da mai saye daga Kudu ya ce sai ya ga kaya da idonsa, sai a shiga tura bidiyo da kiran bidiyo, a ci mega 800 kafin magariba. Akwai kuma ranakun da yake kasuwannin ƙauye ta wajen Dukku ko Kumo, inda sabis yake rawa, wayar ba ta cin komai. A wata mai hada-hada, a ce ya yi kwana 20 na yau da kullum, kwana shida masu nauyi, kwana huɗu a ƙauye. Jimillar abin da ya ci giga shida ke nan.

Domin lissafi, a ƙaddara waɗannan farashi a matsayin misali kawai, tun da farashin gaske yana sauyawa kuma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: mega 100 na kwana naira 100, giga ɗaya na kwana naira 500, giga shida na mako naira 2,500, giga biyu na wata naira 1,500, giga bakwai na wata naira 3,500. Idan dillalin nan ya dogara da datar kwana zalla, zai kashe naira 2,000 a ranakun yau da kullum da naira 3,000 a ranaku masu nauyi, wato naira 5,000, ba tare da ya ji lokacin da kuɗin suka fita ba. Idan ya sayi giga bakwai na wata, naira 3,500 ta raba shi da matsalar, kuma a wannan watan babu tsarin da ya kai shi sauƙi. Da a ce kowane wata haka yake, da magana ta ƙare a nan.

Sai dai kasuwar hatsi ba ta tafiya a haka. A tsakiyar damina, lokacin da ciniki ya ja baya, wataƙila rana ɗaya ce mai nauyi a dukan watan, abin da zai ci kuma bai wuce giga biyu ba. Idan ya sayi giga bakwai ɗin nan, kowace gigar da ya yi aiki da ita ta tsaya masa a naira 1,750, fiye da ninki uku na farashin da ya gani a talla. Mayar da ragowa ba ta cika ceton irin wannan mutum ba, domin sharaɗinta shi ne ya sake biyan kuɗin sabuntawa a kan lokaci, sai ya wayi gari da tarin datar da ba shi da aikin yi da ita, ƙarshenta yara su cinye ta a kallon bidiyo.

A ganina, abin da ya fi dacewa da shi shi ne ya haɗa tsari biyu: ƙaramar datar wata ta giga biyu da za ta riƙe masa WhatsApp da banki a buɗe kullum, sannan ya sayi giga ɗaya na kwana a safiyar duk ranar da ya san aiki zai yi nauyi. A watan da ciniki ya kwanta zai kashe naira 2,000 maimakon 3,500, a watan hada-hada kuma naira 4,500. Inda tsarukan biyu suke yin kunnen doki shi ne kwana huɗu masu nauyi, domin 1,500 da ɗari biyar sau huɗu sun zama 3,500. Ma'ana, idan yana hasashen ranaku masu nauyi ba za su kai huɗu ba, haɗin ya fi masa, idan kuwa za su wuce huɗu, kamar a lokacin kaka, gara ya sayi babbar datar wata tun farko. Datar mako tana da gurbinta ne idan ranaku masu nauyi suka taru a mako guda ba zato, domin a wannan misali kwana biyar na giga ɗai-ɗai sun riga sun kai kuɗin giga shida na mako, daga kwana na shida kuma ta mako ce take da riba.

Wannan haɗi yana da wurin da yake iya kwancewa. Idan data biyu suna kan layi ɗaya a lokaci guda, kamfani ne yake tsara wadda za a fara ci, kuma idan ta watan aka fara ci, ta kwanan za ta mutu da sauranta, ita kuma ta watan ta ƙare kafin lokacinta. Hanyar ganewa ita ce a danna `*323#` bayan an sayi ta kwanan, a yi aiki na ɗan lokaci, a sake dannawa a ga wacce ta ragu. Haka nan ƙaramar datar wata ba ta jure wa wayar da take sabunta manhajoji da kanta, ko take sauke duk bidiyon da aka tura a zaurukan WhatsApp, domin hakan zai iya lashe giga biyu cikin 'yan kwanaki. A wayoyin Android, kunna `Data Saver` da kashe saukewar kai tsaye a cikin WhatsApp suna rage wannan ɓarna. Kuma lissafin gaba ɗaya ya dogara ne ga sanin ainihin abin da wayar take ci, wanda ake gani a sashen `Data usage` na saitin waya, inda yake nuna yawan abin da aka ci a watan da ya gabata da manhajar da ta ci shi. Wanda ya duba wata biyu, ɗaya na kaka ɗaya na damina, ya ƙirga ranakunsa masu nauyi, zai iya sa farashin da kamfaninsa yake nunawa yau a `*312#` a gurbin na misalin nan, ya fitar da nasa adadin ranakun da tsarukan suke yin kunnen doki.