Ƙa'idar GTIN a Google Merchant Center: mai kilishi ba ya cikin haɗari, mai ƙirƙirar lamba ne ke ciki

Magana na ta yawo tsakanin masu sayar da kaya ta intanet cewa Google Merchant Center, inda masu shago ke ɗora bayanan kayansu don su fito a Google, ya daina karɓar duk kayan da ba su da bakod, wai duk wanda ya bar gurbin `gtin` a wofi za a sauke masa kaya, har ma a rufe masa asusu. Tsoron nan ya sa wasu suna cusa kowace lamba suka samu a gurbin, wasu kuma suna sayen lambobi masu arha a hannun 'yan tsakiya. To, abin da suke yi don gudun hukunci shi ne ainihin abin da ke jawo hukuncin.

GTIN ita ce lambar da ke ƙarƙashin zane-zanen nan baƙaƙe na jikin kwali. Ƙungiyar GS1, mai kula da tsarin bakod a duniya, ce ke ba kamfani farkon lambar, kamfanin ya ƙarasa ta ga kowane kaya nasa. Tsawonta alƙaluma 8, 12, 13 ko 14. Mai 12 ita ce UPC ta Amurka da Kanada, mai 13 ita ce EAN da aka fi gani a kasuwanninmu, ISBN ta littattafai ma tana cikin dangin. Lambar da ta fara da 615 daga ofishin GS1 na Najeriya ta fito, 603 kuma na Gana. Wannan yana nuna inda kamfani ya yi rajista ne kawai, ba ƙasar da aka ƙera kayan ba, duk da yadda ake ta yaɗa akasin haka.

Ƙa'idar Google ta kasa kaya gida biyu. Kayan da kamfanin da ya yi su ya ba su GTIN, ana so a rubuta ta. Kayan da ba su taɓa samun lamba ba, irin hular zanna ta ɗinkin hannu, takalmin fata na dukawa, kayan tarihi, ko rigar da aka ɗinka wa mutum bisa awonsa, ba a neman ta a kansu.

Idan kaya na da GTIN amma mai shago bai sa ba, tun 2019 Google ya bar sauke su saboda wannan kaɗai. Abin da ke faruwa shi ne a rage musu fifiko. Da lambar ce tsarin ke gane cewa cajar da ke shagon wane ita ce dai wadda ke shaguna ashirin, ya haɗa su wuri guda, ya nuna wa mai nema. In babu ita, sai ya koma lalube da suna da hoto, kayan kuma su riƙa fitowa jefi-jefi a bayan na waɗanda suka cika gurbin. Asara ce, amma ta ciniki ce, ba kora ba.

Lambar da ba daidai ba kuwa, ita ake ƙin amincewa da kaya a kanta, kuma na'ura ba ta shan wahala wajen kamo ta, domin alƙalami na ƙarshe na tantancewa ne. Ɗauki lambar misali 6151234567891. Ajiye 1 na ƙarshe a gefe. Tara alƙaluman da ke matsayi na ɗaya, na uku, na biyar, har na sha ɗaya: 6, 5, 2, 4, 6, 8, sun ba da 31. Tara sauran shidan: 1, 1, 3, 5, 7, 9, sun ba da 26, ka ninka sau uku, 78. Jimla 109. Abin da ya rage a kai 110, wato cikon goma na gaba, shi ne 1, kuma shi ne a ƙarshen lambar, don haka ta tsallake. Wanda ya zauna ya ƙago alƙaluma 13 daga kansa, sau tara cikin goma zai faɗi tun a wannan lissafi. In ma ya dace, yana iya faɗawa kan lambar wani kamfani, a wayi gari turarensa na ɗauke da shaidar man gyaran gashi. Haka ake ƙin lambobin da suka fara da 02, 04 ko 2, domin GS1 ta keɓe su don amfanin cikin gida, kamar sitikar da babban kanti ke manna wa naman da ya auna.

Mafi yawan lambobin da ke lalacewa ma ba da gangan ba ne. Excel ne ke cinye su. Da zarar an liƙa lamba mai tsawo a gurbin da ba a mayar da shi `Text` ba, sai ta koma `6.15123E+12`. In aka adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, aka sake buɗewa, abin da zai dawo shi ne 6151230000000, sauran alƙaluman sun tafi ke nan. UPC mai farawa da sifili kuma sifilin ne ke faɗuwa, ta koma alƙaluma 11. Alamar wannan ciwo ita ce a ga kaya da yawa sun faɗi lokaci guda, lambobinsu na ƙarewa da jerin sifili. Maganinsa a mayar da layin `Text` kafin a liƙa komai, sannan a sake ɗauko lambobin daga jikin kaya.

A nan ma akwai tarko. Kwalin waya na ɗauke da bakod uku ko huɗu. Mai alƙaluma 15 IMEI ce, ta wannan waya ɗaya tak. Lambar siriyal ma haka. Mai 14 da ke jikin babban katan ta katan ɗin ce, ba ta ƙwaya ɗaya ba. Lambar NAFDAC ba GTIN ba ce, lambar da mai shago ya ƙirƙira don lissafin kansa kuma gurbinta `id`. Sannan kowane launi da kowane girma da lambarsa: baƙin takalmi mai lamba 42 da mai lamba 43 kaya biyu ne. Idan mai shago ne da kansa ya ɗaure sabulu shida ya sayar tare, lambar ƙwaya ɗaya zai sa, ya rubuta 6 a gurbin `multipack`.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne `identifier_exists`, gurbin da ke tambaya ko kayan na da lambar shaida. Mutane na ɗaukar `no` a matsayin "ban san lambar ba". Ma'anarta "wannan kaya ba shi da lamba a duniya". In ba a taɓa gurbin ba, tsarin na ɗaukar amsar `yes` ce. Don haka layin hular hannu zai zama haka:

```
id,gtin,mpn,identifier_exists
HULA-014,,,no
```

Amma wanda ya ji ƙyuyar duba kwalaye ɗari uku ya zuba `no` a kan komai, har da wayoyi da turarukan kamfani, ya faɗi abin da Google ke da hanyar ƙaryatawa, tunda wasu shagunan sun riga sun kawo kayan da lambarsu. Tsarin zai sa wa waɗannan kaya alamar matsala. In kwalin ya ɓace kuma ba a samu lambar wurin dila ba, gara a bar `gtin` a wofi, a cika `brand`, wato sunan kamfanin kayan, da `mpn`, wato lambar samfurin da kamfani ya buga, a haƙura da ragin fifikon.

Mai kilishi ko yajin da shi ke haɗawa kuma shi kaɗai ke sayarwa, an ba shi damar sa sunan shagonsa a `brand`, ya zaɓi lambar kansa a `mpn`. Wannan sassauci ne na gaske. Sai dai ba a cika faɗin cewa tsarin da ke fifita mai lamba tun asali ya fi yi wa babban kamfani daɗi ba, domin rajistar GS1 kuɗi ce, kuma ana sabunta ta duk shekara. Ga mai kaya kala uku da ke sayarwa a shafinsa kaɗai, ba lallai kuɗin su fito ba. Ranar da ya fara kai kaya manyan kantuna masu na'urar karanta bakod a wurin biya, lissafin ya canza, kuma lambar da za ta yi masa aiki a can ita ce wadda ke rajiste da sunan kamfaninsa, ba wadda ɗan tsakiya ya yanko daga rabon wani kamfani ba.