Gwajin p: yaushe intigiral ɗin 1/x^p yake tsayawa, yaushe yake tserewa?

Malam, mece ce dokar a taƙaice?

Daga 1 zuwa ∞, intigiral ɗin 1/x^p yana tsayawa a kan adadi idan p > 1, kuma adadin shi ne 1/(p − 1). Daga 0 zuwa 1, yana tsayawa idan p < 1, adadin kuma 1/(1 − p). Duk wanda bai cika sharaɗin ba ya tsere, wato ya yi ta ƙaruwa babu iyaka.

To idan p = 1 fa?

Yana tserewa ta ɓangarorin biyu, domin intigiral ɗin 1/x shi ne ln x, kuma ln x ba shi da iyaka ta sama ko ta ƙasa. Ku daina rubuta mini p ≥ 1 a takarda. Wannan ɗan layin da ke ƙarƙashin alamar shi kaɗai ya isa ya ɓata amsar gaba ɗaya.

Kullum ina rikita su. Wanne ne p > 1, wanne ne p < 1?

Kana rikita su ne saboda haddacewa ka yi, ba ka taɓa zama ka fitar da su da hannunka ba. Aikin layi uku ne. Idan p ba 1 ba ne, intigiral ɗin x^(−p) shi ne x^(1−p)/(1 − p). Daga 1 zuwa b za ka samu (b^(1−p) − 1)/(1 − p). Yanzu bari b ya yi ta girma. Idan p ya fi 1, fawar 1 − p ta koma ƙasa da sifili, sai b^(1−p) ya ƙanƙance ya ɓace, abin da ya rage shi ne 1/(p − 1). Idan p bai kai 1 ba, fawar tana sama da sifili, b^(1−p) zai yi ta girma tare da b. Ta ɓangaren sifili kuwa, daga a zuwa 1 za ka samu (1 − a^(1−p))/(1 − p), kuma a yana gangarawa zuwa 0. A nan fawar da ke sama da sifili ce take ɓatar da a^(1−p), wato ana buƙatar p < 1.

Idan ka shiga jarrabawa ka manta, riƙe misali guda biyu kawai: 1/x² daga 1 zuwa ∞ yana ba da 1, shi kuma 1/√x daga 0 zuwa 1 yana ba da 2. Daga su za ka gane wane sharaɗi ne na wane ɓangare. Babban p yana sa fankishin ya faɗi da sauri a nesa, wannan alheri ne. Shi ne kuma yake sa shi ya hau sama da ƙarfi kusa da sifili, a can ya zama matsala.

Ai 1/x yana tafiya sifili idan x ya girma. Ta yaya filin da ke ƙarƙashinsa zai zama marar iyaka?

Tafiya sifili ba ta isa ba, saurin tafiyar ake dubawa. Daga 1 zuwa 10 filin ln 10 ne, kusan 2.3. Daga 10 zuwa 100, wani 2.3 ɗin ne. Daga 100 zuwa 1000 ma haka. Duk lokacin da ka ninka x sau goma, ka ƙara 2.3, kuma ninkawar ba ta da ƙarshe. A 1/x² kuwa, waɗannan yankuna suna ba da 0.9, sai 0.09, sai 0.009, jimlarsu ba ta wuce 1.

Na gwada a kalkuleta har zuwa miliyan ɗaya, 1/x ya ba ni 13.8 kawai. Ba tsayawa ke nan ba?

A'a. Kai shi 10^12 ka ga 27.6. Ga abin da zai nuna maka cewa kalkuleta ba ta yanke wannan hukunci: ɗauki p = 1.01, wanda yake tsayawa a kan 100 daidai. Daga 1 zuwa miliyan ɗaya, 12.9 kawai yake bayarwa. Mai tserewa ya ba da 13.8, mai tsayawa ya ba da 12.9, ta ina za ka bambance su da ido? Limit za ka ɗauka.

An ba mu intigiral ɗin 1/(√x·(1 + x)) daga 0 zuwa ∞. Bai yi kama da 1/x^p ba. Da wane p zan yi aiki?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma kada ka damu don ta tsayar da kai, a nan ne yawancin ɗalibai suke cijewa. Da p guda biyu za ka yi aiki, domin matsalar a wuri biyu take: a sifili fankishin ɗin yana hawa sama babu iyaka, a ∞ kuma tazarar ce ba ta da ƙarshe. Saboda haka abu na farko shi ne ka raba shi gida biyu, daga 0 zuwa 1, sannan daga 1 zuwa ∞. Babu wani sirri a lamba 1, da 5 ka raba ma hukuncin ba zai canza ba, lissafi ne kawai ya fi sauƙi da 1. Dole ne kowane gida ya tsaya da kansa. Idan ɗaya ya tsere, duka sun tsere.

Fara da gidan sifili. Idan x ƙarami ne ƙwarai, 1 + x kusan 1 ne, sai fankishin ɗin ya yi kama da 1/√x, wato p = 1/2. Amma "ya yi kama" ba hujja ba ce, sai ka rubuta ta sosai: tunda 1 + x ≥ 1, fankishin ɗinmu bai wuce 1/√x ba, kuma intigiral ɗin 1/√x daga 0 zuwa 1 shi ne 2. Gidan farko ya tsaya, bai wuce 2 ba.

A gidan nesa kuwa x ya rinjayi 1, sai ƙasan ya yi kama da √x·x = x^(3/2). Tunda 1 + x > x, fankishin ɗinmu yana ƙasa da 1/x^(3/2). Ga p = 3/2, ya fi 1, adadinsa 1/(3/2 − 1) = 2. Gida na biyu ma ya tsaya. Jimla ba ta wuce 4 ba. Lura da cewa kwatancen bai ba ka ainihin amsar ba, iyaka kawai ya ba ka. Idan ana son adadin, sa x = u², intigiral ɗin zai koma na 2/(1 + u²) daga 0 zuwa ∞, amsarsa π, kusan 3.14, wanda lallai yana ƙasa da 4.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara, domin wannan hanya ba koyaushe take tafiya lafiya haka ba. Kwatance yana da alƙibla. Kasancewa ƙasa da mai tsayawa hujja ce ta tsayawa, kasancewa sama da mai tserewa hujja ce ta tserewa. Amma idan ka nuna cewa naka yana ƙasa da 1/x, ba ka nuna komai ba, domin 1/x² yana ƙasa da shi a nesa kuma yana tsayawa, 1/(2x) ma yana ƙasa da shi amma yana tserewa. Idan alƙiblar ta ƙi fitowa yadda kake so, raba fankishin ɗinka da 1/x^p ka ɗauki limit. In ya ba da adadin da ya fi sifili kuma yake da iyaka, hukuncinsu ɗaya ne. In ya ba da 0 ko ∞, to a mafi yawan lokuta p ɗin da ka zaɓa ba shi ne daidai ba, ko da yake wani lokaci ana iya cin rabin amfaninsa: limit 0 a kan mai tsayawa yana nufin naka ma ya tsaya.

Sannan wanda yake rinjaye a nesa ba shi ne yake rinjaye kusa da sifili ba. A 1/(x + x²), x² ne babba a nesa, don haka p = 2 kuma yana tsayawa. Kusa da sifili kuwa x² ya fi x ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai x ya rinjaya, p ya koma 1, ya tsere. Na sha ganin takardun da aka ɗauki fawa mafi girma a duka ɓangarorin biyu, kuma wannan kuskure ne kai tsaye.

Duk wannan kuma ga fankishin da ba ya sauka ƙasa da sifili ne, aƙalla a yankin da matsalar take. Idan yana canza alama, kamar sin x / x², sai ka fara da |sin x|/x² ≤ 1/x² ka samu tsayawa a nesa. Amma in wannan ya gaza, kada ka yi saurin cewa ya tsere: sin x / x daga 1 zuwa ∞ yana tsayawa, duk da cewa kwatanta shi da 1/x bai ba ka komai ba.

Akwai kuma inda gwajin ba zai taimake ka ba sam, galibi idan logaridim ya shigo a kan iyakar p = 1. Daga 2 zuwa ∞, 1/(x·ln x) yana tserewa, shi kuwa 1/(x·(ln x)²) yana tsayawa a kan 1/ln 2, kusan 1.44. Dukkansu suna ƙasa da 1/x a nesa, kuma dukkansu suna sama da 1/x^p ga kowane p > 1 idan x ya yi girma sosai, don haka babu p ɗin da zai raba su. Sa u = ln x, sai su koma 1/u da 1/u², daga nan gwajin ya sake aiki.

Akwai p da zai sa 1/x^p shi kaɗai ya tsaya daga 0 zuwa ∞?

Babu. Gida ɗaya yana son p < 1, ɗayan yana son p > 1.

Na yi intigiral ɗin 1/x² daga −1 zuwa 1 na samu −2. Daidai ne?

Dubi amsarka kafin ka kawo mini. Fankishin da yake sama da sifili a ko'ina ba zai ba da fili na −2 ba. Ka tsallake x = 0 ne kamar babu komai a wurin. Raba shi a sifili, daga 0 zuwa 1 p = 2 ne, bai cika p < 1 ba, ya tsere. Kafin ka fara kowane intigiral, duba inda ƙasan yake zama sifili a cikin tazarar, har da tsakiyarta.

Idan matsalar a x = 3 take, kamar 1/(x − 3)^p daga 3 zuwa 4?

Sa u = x − 3. Ya koma 1/u^p daga 0 zuwa 1, sharaɗin p < 1 ne.