Wasiƙa zuwa ga kawu a Abijan: gaisuwa kafin labari

Kawuna yana Abijan shekara 6, zan rubuta masa wasiƙa daga Maraɗi. Da me zan fara?

Ka sa gari da kwanan wata a sama ta hannun dama, sannan "Zuwa ga Kawu". Kada ka ambaci sunansa tsirara, don ko a zaure ba ka kiransa haka. In ƙanin mahaifinka ne, Baba ko Baffa za ka ce, gwargwadon yadda ake kiransa a gidanku; kawu na ɗakin uwa ne. In ya sauke farali, ka ƙara Alhaji. Daga nan sai sallama, sai "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri".

Gaisuwar ba ta isa a layi ɗaya ba?

Ba ta isa ba. Mutumin da ke baƙon wuri yana karanta gaisuwa ne don ya ga ko ana tune da shi. "Ina gaida kowa da kowa" kowa ma zai iya rubutawa. Ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya: shi da kansa tukuna, sai mai ɗakinsa, sai yara daga babba zuwa ƙarami. In matansa biyu ne, uwargida ce gaba, kuma kada ka tsallake ko ɗaya, domin sau da yawa a gaban iyali ake karanta takardar. Ga misali:

"Kawu, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya ƙafar nan da ka ce tana damunka lokacin azumi, an samu sauƙi? Yaya Inna da hidimar gida? Yaya kasuwa, yaya zaman baƙunci? A shafa mini kan auta."

Tambayar ƙafar nan ita ce ta fi nauyi a wurina, don ta nuna ka riƙe maganar da ya yi maka.

Yaushe zan shiga labari?

Da kalmar "bayan haka". Ka fara da lafiyar tsofaffi, musamman mahaifiyarka, tunda ƴar'uwarsa ce. Sai damina: ko an yi shuka da wuri, ko Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, dami nawa aka samu a gonar gado, nawa tiyar hatsi take a kasuwa. Sai aure da suna. In akwai roƙo, ko na jika goma ne, ka ajiye shi can ƙasa.

In rasuwa aka yi fa?

Nan ka taƙaita gaisuwa, kuma kada ka rubuta "kowa lafiya" alhali za ka warware maganar a layi na gaba. Ka ce "sai dai haƙuri, Kawu", ka faɗi wanda ya rasu, ranar, da inda aka yi jana'iza, ka yi masa addu'a. Labarin gona da farashi ya jira wata takardar. Ka rufe da "wassalam, ni ne ɗanka", sannan sunanka.