Biyan SSNIT, asusun fanshon ma'aikata na Gana, daga ƙasar waje: tambayoyin da ke ta dawowa

Na bar aiki a Kumasi na tafi Katar, watannin da na biya sun tafi a banza?

A'a. Suna nan ƙarƙashin lambarka, wadda yanzu aka haɗa da katin shaidar ɗan ƙasa na Gana. Kada ka buɗe sabuwar rajista, lamba ɗaya ce har ka tsufa.

Nawa zan riƙa biya?

Kashi 13.5 cikin ɗari na albashin da ka rubuta, kuma duka daga aljihunka, tunda babu ubangidan da zai zuba nasa kaso.

In watannin ba sa ɓacewa, me zai hana in bari sai na dawo?

Nan ne mutane ke cutar kansu. Fanshon tsufa yana jira, na nakasa ba ya jira. Sai ka biya wata 12 a cikin wata 36 da suka gabaci nakasar kafin a saurare ka. Ka yi shekara uku ba ka sa ko kwabo ba, ka faɗo daga kan gini, to babu shi. Don Allah a daina wasa da wannan.

Wane albashi ya kamata in rubuta?

Ya danganta, kuma ba zan yanke maka ba. Mu ɗauki mai shekara 38 da ya yi shekara tara yana biya, wata 108 ke nan. Fansho ba ya tabbata sai an cika wata 180, saura 72. In ya rubuta sidi 2,000, zai riƙa tura 270 duk wata. Da cikar wata 180 ya cancanci kashi 37.5 cikin ɗari na matsakaicin albashin watanninsa 36 mafi tsoka. In 2,000 ɗin ne mafi tsoka, zai karɓi 750 a wata daga shekara 60. Kowace ƙarin shekarar biya tana ƙara kashi 1.125 cikin ɗari, har a tsaya a kashi 60.

To ga damuwata: in ya tsaya a 2,000 tun yana ɗan 44, kafin ya kai 60 tsadar kaya ta cinye darajarta. Shi ya sa na fi son a fara da abin da ba zai gagara ba ko a watan da albashi ya makara, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan duk shekara. Masu rubuta ƙarami su yi tsalle a shekaru ukun ƙarshe kuwa, tsallen yana iya jawo bincike, kada ka gina tsufanka a kansa.

Ƙanena ne ke biya mini a gida.

Babu laifi, amma ka duba bayanin asusunka da idonka, kowane wata ya fito da sunansa. Hoton rasit a waya bai isa ba.

In na kai 60 ban cika 180 ba fa?

Za a mayar maka da kuɗinka da ribarsu a dunƙule, sau ɗaya. Babu na wata-wata.