Waiwaye: Daga ruwan ƙulli zuwa fiya wata, da zaman da yake yi a rana

Waɗanda suka yi wayo kafin shekarun 1990 za su tuna yadda ake sayar da ruwan sanyi a tasha. Yaro ne da bokiti da kofi ɗaya, kowa ya sha ya miƙo. Daga baya aka koma ruwan ƙulli: a hura farar leda da baki don ta buɗe, a ɗura ruwan famfo ko na rijiya, a ɗaure, a jefa cikin ƙanƙara. A cikin shekarun 1990 ne injin liƙe leda ya bazu a Najeriya, aka samu abin da muke kira fiya wata, leda mai rabin lita, guda 20 a jaka, wadda ta daɗe ana sayar da ita naira 5.

An kafa hukumar NAFDAC a 1993, amma sai zamanin Dora Akunyili, wadda ta karɓi ragama a 2001, aka matsa wa masu gidajen ruwa da gaske kan rajista da buga lamba a jikin leda. Gidan ruwa na ƙwarai yana jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, ya bi da shi ta matatar yashi da ta gawayi da ƙananan matatai, sannan ya wuce ta fitila mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, kafin inji ya liƙe. Wa'adin da aka saba bai wa fiya wata wata biyu ne, na gora kuwa yakan kai shekara.

Sai dai lambar nan shaida ce kan yadda ruwa ya bar kamfani. Abin da ya same shi a hanya, babu ruwanta.

A ɗauki jaka guda a Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. An loda ta a buɗaɗɗiyar mota, ta sha rana har azahar, aka sauke ta a ƙofar shago kan siminti mai ƙuna, kusa da janareto da jarkar fetur, ta yi sati biyu a nan. Fitilar kamfani ta yi aikinta ne a lokacin da ruwan ke wucewa, ba ta bar komai a ciki da zai ci gaba da tsare shi ba. Don haka 'yan ƙwayoyin da suka tsira sai su samu ɗumi su yi ta hayayyafa, musamman a jakunkunan tsakiyar tuli. Ledar kanta, wadda ake yi da roba mai laushi, ba ta hana wari ratsawa, shi ya sa wani lokaci za ka ji ɗanɗanon fetur ko kananzir ko sabulu a ruwan da ba a taɓa hudawa ba. Daga nan mai shago ya zuba ledojin a kula, cikin narkakkiyar ƙanƙarar da hannu goma suka shiga, kai kuma ka ɗauka ka yaga da haƙori. A ganina wannan matakin na ƙarshe ya fi duk sauran haɗari, kuma shi ne ba a cika magana a kai ba.

Maganar da ta fi yawo ita ce ta sinadarin roba, har da saƙonnin waya masu cewa gorar da ta kwana a mota tana jawo ciwon daji. Ga abin da aka auna. Gorar ruwa, mai lamba 1 a gindinta, tana ɗauke da ɗan ƙarfen antimoni da ake amfani da shi wajen haɗa robar, kuma zafi yana sa ya riƙa tsatsowa cikin ruwa. Wani bincike da aka yi a Arizona ta Amurka, aka buga a 2008, ya nuna cewa a digiri 60 sai gora ta yi kusan wata shida kafin ta haura iyakar da Amurka ta gindaya, amma a digiri 85 kwana ɗaya da 'yan sa'o'i sun isa. Ke nan wuni ɗaya a mota ba abin tayar da hankali ba ne, watanni a kwantena ko ƙarƙashin kwanon rufi ne abin dubawa. Shi kuwa BPA, wani sinadarin haɗa roba da ake yawan ambata, ba da shi ake yin wannan gora ko ledar fiya wata ba. A manyan gorunan injin ruwa na ofis masu tauri, masu lamba 7, aka fi samunsa.

Mai saye ba shi da ɗakin gwaji, amma yana da ido da hanci. Ledar da ba ta da ranar da aka yi ta, ko wadda fentin rubutunta ke gogewa a hannu, ko ta yi santsi, ko ake ganin ɓurɓushi ko kore-kore idan an ɗaga ta a haske, a bar ta. Mai sayen jaka don gida ya ɗora ta kan katako a inuwa, nesa da mai da maganin sauro, ya sayi abin da zai ƙare cikin sati ɗaya ko biyu, ya kuma ɗauraye bayan ledar kafin ya kai ta baki ko ya miƙa wa yaro.