Eskiro: Kalma Ɗaya a Kunne, Ma'ana Biyu

Kalmar eskiro ta shiga bakin masu sayen mota ta intanet a Damagaram, har na ji wani mai shiri a rediyo yana fassara ta da "ɗan damfara". Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, domin kalmomi biyu ne suka yi karo a kunne. Ta Faransanci, wadda 'yan lakwal suka sani, ita ce mai nufin macuci, kuma daga Italiyanci aka aro ta. Ta Ingilishi kuwa, asalinta wata kalma ce ta tsohon Faransanci mai nufin guntun fatar rubutu, wato takardar yarjejeniya da ake damƙa wa mutum na uku ya riƙe har a cika sharaɗi. Daga baya ma'anar ta haɗa da kuɗi: ajiyar amana a hannun wanda ba mai saye ba, ba mai sayarwa ba. Duk wanda ya taɓa barin kuɗin ciniki a hannun amintaccen dillali a Kasuwar Dole ya san abin, ko bai san sunan ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, shafin eskiro na bogi ya mayar da kuskuren mai rediyon gaskiya.

A ɗauka mutum ya ga tallar mota a Kwatano kan sefa 3,500,000, farashin da ya gaza na kasuwa. Da ya nuna shakka, sai mai sayarwa ya ce ai shi ma ba ya son a cuci kowa, ya turo adireshin wani shafi da zai riƙe kuɗin har motar ta iso. Shafin nasa ne, shi ya gina shi. Mai saye ya biya, allo ya nuna masa cewa kuɗinsa suna ajiye, har da lambar bin sawun kaya, alhali rubutu ne kawai, an kwashe kuɗin tun ranar. Bayan kwanaki sai a nemi ƙarin 250,000 na inshora ko na duwan, wai za a mayar masa.

Ana gane shafin bogi tun daga wanda ya zaɓi mai ajiyar, domin amintaccen da ɓangare ɗaya ya kawo, ya kuma ƙi a sauya shi, ba mutum na uku ba ne. Sannan a dubi inda kuɗin za su faɗa: kamfanin gaske ba ya cewa a aika wa wani mutum da sunansa ta gidan aika kuɗi. Binciken WHOIS, wato duba bayanan rajistar adireshin shafi a intanet, yana nuna ranar da aka yi wa adireshin rajista, kuma sau da yawa shafin da ke iƙirarin shekara goma yana aiki bai cika wata biyu ba. Hoton kwaɗon kulle da akan gani a gefen adireshin kuwa, wanda mutane ke ɗauka shaida ce, yana nufin an ɓoye saƙon a kan hanya ne kawai, kuma macuci ma kyauta yake samun sa.